Shekarun Farko na Matashin Injiniyan Gini: Tambayoyi da Amsoshi kan Haƙuri da Yadda Ƙwarewa ke Taruwa

Waɗannan tambayoyi ne da matasan da suka gama jami'a ko kwalejin fasaha suke yawan yi mini, wasu a wurin gini, wasu bayan an idar da salla, wasu kuma iyayensu ne ke turo su. Sana'ata injiniyancin gini ce, don haka da ita zan yi misali, tunda abin da mutum ya sani shi ya kamata ya faɗa. Wanda ya karanta wani fanni daban zai ga nasa a ciki.

Injiniya, na fito da sakamako mai kyau, amma a wurin aiki foman da bai gama sakandare ba ya fi ni sanin komai. Shekara biyar ɗin nan a banza na yi ta?

Ba a banza ba, ƙanena. Abin da kake gani shi ne abin da kowane injiniya ya gani a shekararsa ta farko. Jami'a ta koya maka dalilin abu: me ya sa rodi ke zama a ƙasan bim, wato doguwar kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai tana ɗauke da dekin, a tsakiyarsa amma ya hau sama a kan ginshiƙi, me ya sa ruwa mai yawa ke raunana kankare. Foman kuwa ya ga an zuba kankare sau ɗaruruwa, ya san kalarsa idan siminti ya yi kaɗan, ya san ƙarar da katako ke yi idan tokara za ta saki. Shi yana da ido, kai kana da dalili. Idonsa zai iya zama naka cikin 'yan shekaru idan ka tsaya kusa da shi, amma dalilinka ba zai zama nasa ba sai ya koma aji. Saboda haka ka rage jin kunya, ka yawaita tambaya. Ka gaishe shi da girmamawa, ka kira shi Baba ko Malam kamar yadda ya cancanta, ka tambaye shi ta yaya ya gane yashin nan ba shi da kyau tun kafin a sauke shi daga tifa. Yawancinsu suna jin daɗin koyar da yaron da bai zo da girman kai ba. Wanda ya zo yana ɗaga murya don yana sanye da farar hular kwano, shi ake bari ya yi kuskure a gaban leburori.

Kullum ana ce mana ƙwarewa tana taruwa a hankali. Mene ne ainihin ma'anar wannan? Ba dai hanyar rarrashi ba ce?

Akwai taruwa iri biyu, kuma bambancinsu shi ne gaba ɗayan maganar. Ta farko ita ce ka koyi abu yau, ka koyi wani gobe, kowanne yana zaune shi kaɗai. Ta biyu ita ce abin da ka koya bana ya sa na baɗi ya zo maka da sauƙi. Kamar kiwo ne: tunkiyar da ka saya ta haihu, 'ya'yanta ma su girma su haihu, sai garken ya riƙa ƙaruwa da saurin da bai yi ba a farko.

A aikinmu ga yadda sarƙar take. Da farko kana koyon karanta zane sosai, har ka iya rufe ido ka ga ginin a tsaye. Wanda ya iya wannan, lissafin kaya zai zo masa da sauri, domin ya san abin da yake ƙirgawa. Wanda ya iya lissafin kaya, idan ya haɗa da farashin kasuwa, ya iya kimanta kuɗin aiki. Wanda ya iya kimanta kuɗi kuma ya ga yawan aikin da magini ɗaya ke yi a yini, ya iya tsara lokaci. Wanda ya riƙe kuɗi da lokaci, shi ake damƙa wa aiki sukutum. Ba za ka iya tsallake matakala ɗaya ba. Na ga matasa da dama da aka ba su kwangila ta hanyar sanayya kafin su iya lissafin kaya, kuma kuɗin ya ƙare musu gini yana matakin linta.

Idan kana son ganin siffar abin da lamba, ɗauka mutum yana ƙara kashi 10 cikin ɗari kowace shekara a kan abin da yake da shi. Bayan shekara 3 yana wajen ninki 1.3 na inda ya fara, abin da da ƙyar wani zai lura. Bayan shekara 7 ya kusa ninkawa biyu. Bayan shekara 20 ya haura ninki shida, bayan 30 ya haura ninki goma sha bakwai. Ba a auna ƙwarewa da sikeli, don haka kada ka riƙe waɗannan lambobi a matsayin alkawari. Abin da nake so ka gani shi ne cewa shekarun farko su ne mafi ƙarancin abin nunawa, kuma a cikinsu ne yawancin mutane ke yanke hukuncin cewa hanyar ba ta ɓullewa.

To a nuna mana a aikace. Wane bambanci ke tsakanin ɗan shekara ɗaya da ɗan shekara goma a kan aiki iri ɗaya?

Mu ɗauki zuba dekin na gidan bene a Kano, tsawo mita 10, faɗi mita 8, kauri milimita 150. Kankaren da ake buƙata kubik mita 12 ne. An ce a kwaɓa 1:2:4, wato kashi ɗaya siminti, biyu yashi, huɗu tsakuwa.

Ɗan shekara ɗaya zai yi lissafi daidai. Kubik mita ɗaya na wannan kwaɓi yana cin siminti wajen buhu 6.3 mai kilo 50, saboda haka dekin ɗin zai ci wajen buhu 76. Ya san buhu ɗaya kusan kwanon sarki biyu ne, don haka kowane buhu zai tafi da kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, da ruwa wajen lita 25. Zai rubuta buhu 76, ya miƙa wa mai gida, ya ji ya gama aikinsa.

Ɗan shekara huɗu ba zai rubuta 76 ba. Ya taɓa ganin siminti ya ƙare ana tsakiyar zubi da yamma, shaguna sun rufe. Zai fara duba ko an saka bimomin da ke ƙarƙashin dekin a lissafi, domin tare ake zuba su kuma sau da yawa ana mantawa. Zai hau kan katakon da kafinta ya shimfiɗa ya auna, domin idan katakon ya ɗan lotsa har kauri ya zama milimita 160 a maimakon 150, kankaren ya koma kubik mita 12.8, ƙarin buhu biyar ke nan. Zai ƙara wajen kashi 5 cikin ɗari na abin da ke zubewa. Kafin ranar zubi zai ɗebi yashi ya zuba a kwalba, ya cika da ruwa da ɗan gishiri, ya girgiza, ya ajiye awa uku. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. Idan yashin ya kai milimita 100 laka kuma ta wuce wajen 8, zai ce a wanke ko a mayar. Zai bi rodi ya tabbatar an sa biskit a ƙarƙashi, waɗannan 'yan gutsattsarin kankare da ke ɗaga rodi daga katako da milimita 20 zuwa 25, domin rodin da ya kwanta a kan katako zai fito fili, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa dekin daga ƙasa bayan wasu shekaru. A ranar zubi kuma ba zai bar bakin injin kwaɓi ba. Leburori suna son ƙara ruwa, ba don mugunta ba, sai don kankare mai ruwa ya fi sauƙin ɗauka da bazawa, kuma duk ruwan da ya wuce ƙima ƙarfi yake ragewa. Da yamma zai ƙirga buhunan da aka zazzage. Idan ya ga 60 kawai aka yi amfani da su a dekin da ya kamata ya ci 76, ya san ɗayan biyu ne: ko an rage siminti, ko kaurin bai kai ba. Kowanne a ciki matsala ce da gara a gano ta a ranar.

Ɗan shekara goma ya san duk wannan, amma hankalinsa yana wani wuri. Zai tambayi wata nawa ake ciki. Idan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, zai sa a fara da asuba, a jiƙa katako da tsakuwa tukuna. Idan hunturu ne, ya san busasshiyar iska tana shanye ruwan saman kankare tun bai kama ba, sai a wayi gari da ƙananan tsaga a ko'ina, don haka zai tanadi leda ko buhunan algarara da za a jiƙa a rufe. Zai tambayi inda ruwan ban-ruwa na kwana bakwai zai fito da wanda zai riƙa zuba shi ranar Juma'a da Lahadi, ya kuma kama sunan mutum ɗaya ya ɗora masa. Zai yi magana da wanda ya yi zanen tun kafin ranar, su amince a kan layin da za a tsaya idan inji ya lalace. Sannan zai zauna da mai gida ya gaya masa tun yanzu cewa ba za a cire tokara ba sai bayan sati biyu zuwa uku, ko da kafinta yana son katakonsa don wani aiki, domin ya san ranar da wannan rigima za ta taso.

Duba da kyau. Tushen lissafin, wato buhu 76, bai canza ba a wurin su ukun. Abin da ya ƙaru shi ne yawan hanyoyin lalacewar aiki da mutum ya taɓa gani da idonsa, da kuma yadda yake hango su da wuri.

Idan haka ne, ba zan iya karanta duk wannan a wata shida in huta ba? Ga shi ma kun rubuta.

Ka karanta, zai rage maka hanya. Sai dai akwai iyakar da karatu ba ya wucewa, kuma dalilinta shi ne jinkirin sakamako. Mutum yana ƙwarewa ne idan ya yanke shawara, ya ga abin da ta haifar, ya gyara. A gini sakamako ba ya zuwa da wuri. Idan ka zuba kankare yau ka ɗebi samfuri a 'yan akwatunan gwaji masu milimita 150, sai kwana 7 za a fasa na farko a ɗakin gwaji, a ga wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, sai kwana 28 a sami cikakken sakamako. Magudanar ruwan da ka tsara a watan Janairu ba za ta gaya maka gaskiya ba sai ruwan Agusta ya sauka. Harsashin da aka kafa a baƙar ƙasa mai laka, irin wadda ake samu a sassan Borno da Gombe da Adamawa, wadda ke kumbura da damina ta tsage da rani, yana iya ɗaukar damina biyu ko uku kafin bango ya nuna tsaga. Tsatsar rodi kuwa sai ta shekara biyar ko goma tana aiki a ɓoye.

Wannan shi ne haƙurin da nake nufi. Ka daɗe a wuri har ka ga abin da hannunka ya shuka. Matashin da ke sauya wurin aiki duk bayan wata takwas yana ganin farkon ayyuka da yawa, amma bai taɓa ganin ƙarshen ko ɗaya ba, don haka bai san wace shawararsa ce ta yi kyau ba. Ina ba kowa shawara ya bi aƙalla gini ɗaya tun daga haƙa harsashi har miƙa makulli, sannan ya koma ya duba shi bayan damina. Komawar nan ba wanda zai biya ka kuɗinta, kuma kusan ba mai yin ta. Ka je ka gaida mai gidan, ka roƙi izini ka zaga, ka dubi kusurwar tagogi, ka dubi ƙarƙashin dekin, ka dubi inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida.

Ana cewa in riƙa rubuta abin da nake yi. Me zan rubuta?

Sayi littafi mai kauri wanda zai shiga aljihu. Kowace rana ka rubuta kwanan wata, yanayin gari, aikin da aka yi, mutum nawa suka yi shi, kaya nawa ya ci. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka rubuta hasashenka kafin a fara aiki, sannan ka rubuta abin da ya faru. Misali: bango murabba'in mita 40, na ce zai ci bulo 400 mai inci tara, magina biyu za su gama a kwana biyu. Bayan an gama sai ka rubuta nawa ya ci, kwana nawa aka yi, da dalilin bambancin, ko bulo ne ya farfashe wajen saukewa, ko ruwa ne ya yanke. Tazarar da ke tsakanin hasashe da abin da ya faru ita ce makarantarka. A shekarar farko za ta yi faɗi, kuma za ka ga tana tsukewa a hankali, wanda shi ne kusan hanya ɗaya da za ka gane kana ci gaba a lokacin da albashi bai nuna ba.

Ka ɗauki hoton rodi kafin a rufe shi da kankare. A ƙarshen wata ka zuba lambobin a Excel. Bayan shekara uku za ka mallaki abin da babu shi a kowane littafin makaranta: ainihin yawan aikin da ake yi a yini a garinku, da leburorin garinku, a zafin garinku.

Yaushe zan yi rajista da COREN, kuma me ya sa sai an jira?

COREN ita ce hukumar da doka ta ɗora wa tsara aikin injiniya a Najeriya, an kafa ta a 1970, kuma tana yi wa rukuni huɗu rajista: injiniyoyi, masana fasaha, masu aikin fasaha, da masu sana'ar hannu. Ga mai digiri, ana neman shekara huɗu na gogewa bayan kammala karatu, a ƙarƙashin injiniya mai rajista, sannan ya rubuta rahoton ayyukan da ya yi ya zauna a gaban manya su yi masa tambayoyi. Da yawa suna bi ta ƙungiyar injiniyoyi ta NSE, wadda ta girmi hukumar, tun 1958 take.

Jiran yana da dalili. Hatimin injiniya a kan zane yana nufin ya ɗauki alhakin rayukan da za su kwana a ƙarƙashin ginin. Shekara huɗu ita ce mafi ƙarancin lokacin da mutum zai ga aiki ya fara, ya ƙare, ya sha damina. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne kada ka bar shekarun su wuce sannan ka fara neman abin rubutawa. Masu tambayar nan sun daɗe a aikin, cikin minti kaɗan suke gane wanda ya kwafi rahoton wani. Za su tambaye ka me ya sa ka zaɓi wannan harsashi, wace matsala ka samu, yaya ka warware ta. Wanda ke da littafin da na ambata a sama, rahotonsa ya riga ya rubutu. Tun ranar da za ka karɓi aiki ka tambaya ko akwai injiniya mai rajista a wurin da zai sa hannu a kan gogewarka.

Yallaɓai, maganar gaskiya albashin ba ya isa. Abokaina da suka buɗe shagon POS ko suka shiga kasuwa sun fi ni kuɗi. In ci gaba da haƙuri da yunwa?

Ba zan raina wannan tambaya ba. Akwai kamfanonin da ke biyan sabon injiniya abin da bai kai alawus ɗin bautar ƙasa ba, wanda ya koma naira 77,000 a 2025, ga haya, ga kuɗin mota, ga iyaye da ƙanne suna kallon ka. Wannan zalunci ne, kuma ba na kiran sa horo. Kasuwanci kuma sana'a ce mai daraja wadda ita ma tana da tata taruwar: amana, sanin kaya, sanin mutane. Wanda zuciyarsa ke can ya tafi da wuri ya fara tara nasa, babu laifi.

Amma idan injiniyanci kake so, ka auna abu biyu. Na farko, ribar cire kuɗi a na'ura yau da ribarsa bayan shekara biyar kusan ɗaya ce, sai dai ma masu yi su ƙaru a layinku. Aikin da kake koya kuwa farashinsa yana hawa da shekaru. Na biyu, idan dole ka nemi ƙari, nemi aikin da ke zuba ruwa a rijiyar sana'arka. Yi wa masu ƙananan gine-gine lissafin kaya. Koyi manhajar zane ta AutoCAD sosai ka riƙa zana wa manya abin da suka tsara. Duba wa ɗan uwa ginin da yake yi a ƙarshen mako, a iyakar abin da ka sani, kana komawa wurin babba idan abu ya fi ƙarfinka. Kuɗin ba su da yawa, amma kowane ɗaya yana ƙara maka shafi a littafi, yana kuma ƙara mutum ɗaya da zai ambaci sunanka idan an tambaye shi wa ya yi masa aiki. A garuruwanmu yawancin ayyuka ta bakin mutane suke zuwa, kuma suna ma taruwa yake yi a hankali kamar ƙwarewa.

Ta yaya zan bambanta haƙuri da zaman banza? Akwai waɗanda suka shekara ashirin a ofis ba su iya komai ba.

Akwai su, kuma wannan ce tambayar da na fi so a yi mini. Shekaru su kaɗai ba sa koyar da kowa. A aikin gwamnati mai digiri yakan fara a mataki na 08, ƙarin girma yana zuwa duk bayan shekara uku har mataki na 14, daga nan duk shekara huɗu, a yi ritaya bayan shekara 35 na aiki ko cika shekara 60 da haihuwa. Mutum zai iya hawa wannan tsani yana sa hannu a rajistar zuwa aiki kawai, ya kai babban matsayi bai taɓa tsayawa a kan zubin kankare ba. A kamfani ma akwai wanda aka ajiye yana ƙirga tifofin yashi shekara da shekaru.

Duk ƙarshen shekara ka yi wa kanka tambayoyi. Akwai abin da nake iya yi ni kaɗai yanzu wanda bara sai an tsaya a kaina? Akwai wanda ya fi ni sani da ke duba aikina yana gyara mini? An taɓa barina in yanke shawara in ga sakamakonta? Idan amsar duka a'a ce, fara da neman gyara a inda kake: roƙi a tura ka wurin gini, nemi a haɗa ka da wanda ke lissafin kwangila, ɗauki aikin da kowa ke gudu. Ma'aikatun ayyuka suna da tsofaffin injiniyoyi masu ilimi mai yawa da ba wanda ke tambayarsu komai, kuma da yawansu suna jiran wanda zai tambaya. Idan ka yi wannan shekara guda babu abin da ya motsa, nemi wani wuri da zuciya ɗaya. Wajen zaɓar sabon wurin, ka fifita wanda za ka yi aiki a ƙarƙashinsa a kan ɗan bambancin albashi. Shugaba mai tsanani wanda ke jan jan biro a kan lissafinka yana bayyana maka dalili ya fi maka mai fara'a da ba ya duba komai.

Idan ɗan kwangila ya ce in rage rodi ko siminti in yi shiru, shi ma haƙuri zan yi tunda ni ƙarami ne?

A'a. Haƙuri da ƙaramin albashi da faɗan shugaba da zafin rana daban, yin shiru a kan abin da zai iya kashe mutane daban. Kowa ya tuna benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, mutum fiye da arba'in suka rasu, yawancinsu ma'aikatan da ke neman abincinsu. Ƙananan gine-gine kuwa suna faɗuwa a garuruwanmu kusan kowace damina.

Ba sai ka yi hayaniya ba. Faɗa wa na gaba da kai cikin ladabi cewa zane ya ce rodi mai milimita 16, abin da aka kawo 12 ne. Rubuta a littafin wurin aiki da kwanan wata, ka ɗauki hoto. Sanar da injiniyan da ya yi zanen ko mai sa ido na ɓangaren mai gini. Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka yarda da shi ba. Idan an nace, bar aikin. Za ka rasa albashin wasu watanni, kuma na san nauyin wannan magana a kan mai iyali. Arziki na Allah ne, kuma sunan da aka sani da cin amana ba ya wankuwa a sana'ar da kowa ya san kowa.

Baba, ni mace ce, na gama bautar ƙasa, zan yi aure kuma wataƙila in dakata shekara biyu ko uku. Abin da na tara zai zube?

'Yata, ba zai zube duka ba, amma yana dusashewa idan an bar shi gaba ɗaya. Abin da ya fi saurin tafiya shi ne saurin hannu a manhaja da sanin farashin kasuwa. Fahimtar yadda nauyi ke sauka daga dekin zuwa bim zuwa ginshiƙi zuwa ƙasa tana daɗewa. Saboda haka ki riƙe zare ko da siriri ne. Lissafin kaya da zane da tsara jadawalin rodi duk ana yin su daga gida, kuma ofisoshi da yawa suna neman mai yi musu da tsafta. Ko aiki ɗaya a wata ya isa ya hana hannu yin sanyi. Ki riƙa tambayar farashin siminti da rodi lokaci-lokaci kina rubutawa. Ki ci gaba da zumunci da injiniya mai rajista da zai duba abin da kike yi. Wannan magana ki yi ta da wanda za ki aura tun kafin a ɗaura, a fili, da sanin iyaye. Amsar nan ta shafi namijin da bai sami aiki ba tukuna: ya nemi wurin gini a unguwarsu ya roƙi a bar shi ya riƙa zuwa yana taimakawa da awo, ya buɗe littafinsa tun daga ranar.

Ni ba injiniya ba ne, lissafin kuɗi na karanta. Me zan ɗauka a nan?

Nemo abu biyu a sana'arka: sarƙar da ke cikinta, da tsawon lokacin da sakamako ke ɗauka kafin ya dawo. A lissafin kuɗi sarƙar tana farawa daga shigar da kowace hulɗa a gurbinta, zuwa daidaita littafin ofis da takardar banki a ƙarshen wata, zuwa rufe lissafin shekara, zuwa iya kallon lissafin kamfani ka gane inda kuɗi ke zurarewa. Sakamakonka mafi girma sau ɗaya yake zuwa a shekara, lokacin da masu binciken kuɗi suka zo suka bi aikinka layi-layi. Wanda ya bar wuri kafin su zo bai ji inda ya yi kuskure ba. Don haka ka zauna aƙalla ka rufe shekara biyu a wuri ɗaya, ka ajiye duk tambayar da masu bincike suka yi maka a bana, ka duba ko sun sake yin ta baɗi, kana kuma rubuta jarrabawar ICAN ko ka bi hanyar ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya, a cikin waɗannan shekaru. Malamin makaranta nasa sakamakon yana zuwa ne idan ɗaliban da ya karɓa a aji ɗaya na babbar sakandare suka zauna jarrabawar WAEC ko NECO bayan shekara uku, sai ya ɗauko sakamakon ya duba wane darasi suka fi faɗuwa a ciki, ya sauya yadda yake koyar da shi ga 'yan bayansu.